Na Musulunta Makonni Uku da Suka Wuce, Daga Ina Zan Fara Karatu?

Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Kasuwar Barci, shekaruna 29, ina zaune a Kakuri tare da mahaifiyata, wadda Kirista ce. Makonni uku ke nan da na karɓi kalmar shahada a wani masallaci a Tudun Wada. Tun daga ranar jama'a ke ba ni littattafai, yanzu sun kai tara, an kuma saka ni cikin zaurukan WhatsApp guda huɗu. Wani ya ce in fara da tauhidi, wani ya ce Larabci, wani ya ce in shiga hadda. Amma har yau idan ni kaɗai ne ban iya salla ba, sai dai in shiga sahu in kwaikwayi na kusa da ni. Ina karanta Hausa da Turanci, ban san baƙin Larabci ko ɗaya ba. Me zan fara, me kuma zai biyo baya?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya tabbatar da mu da kai.

Ma'aunin da malamai suka bar mana a wannan babi ɗaya ne, kuma yana da sauƙin riƙewa: ana koyon kowane abu ne gwargwadon kusancin lokacin da za a buƙace shi. Lokacin da Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa ƙasar Yaman, ya gaya masa cewa zai tarar da mutane ma'abota Littafi, don haka ya fara kiransu zuwa ga kalmar shahada; idan sun amsa, ya sanar da su cewa Allah ya wajabta musu salloli biyar a kowane yini da dare; idan sun amsa wannan, sannan ya ambata musu zakka. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Ka lura da cewa waɗanda aka aike shi gare su mutane ne irinka, masu addini da Littafi tun da farko, kuma ba a ce ya zube musu komai a rana ɗaya ba. Kai ka riga ka tsallake matakin farko. Abin da ke gabanka shi ne sallar da za a kira nan da 'yan sa'o'i, saboda haka karatunka na makonni masu zuwa tsarki ne da salla, tare da ɗan abin da zai gyara maka fahimtar imani.

Littattafan nan tara, ka karɓe su da godiya ka adana. Guda biyu kawai za ka buƙata nan kusa, zan zo kansu. Zaurukan waya kuwa ka fita daga cikinsu ko ka kashe musu ƙara na tsawon wata uku, domin mafi yawan abin da ake yi a cikinsu jayayya ce tsakanin waɗanda suka shekara ashirin suna karatu, kuma wanda bai gama koyon alwala ba babu abin da zai kwasa a wurin sai ruɗu. Abin da ya kamata ka nema a wannan makon shi ne mutum ɗaya. Ka samu limamin masallacin da ka fi yin salla a cikinsa, ko wani malamin Islamiyya da zai iya ba ka minti ashirin a kullum, ka ce masa a fili: Malam, ina so ka koya mini alwala da salla a aikace. Tun da yininka a kasuwa kake yi, ya fi dacewa ya zama na kusa da shagonka, ku riƙa zama bayan Azahar ko bayan La'asar, maimakon wanda sai ka tsallake gada da dare kafin ka gan shi. Malamin da kake gani kullum, ko da iliminsa matsakaici ne, ya fi maka amfani a yanzu fiye da babban shehin da za ka gani sau ɗaya a wata a cikin taron mutum ɗari biyar.

Ranar farko da shi, ka tambaye shi wanka. Idan ba a sa ka yi wankan shiga Musulunci ba ranar da ka yi shahada, ka yi shi yau. Siffarsa ita ce siffar wankan janaba, wanda kuma za ka ci gaba da buƙata duk lokacin da maniyyi ya fita ko ka kusanci iyali: niyya a zuci, wanke gaba, alwala, sannan game jiki duka da ruwa tare da cuɗawa, har ƙarƙashin gashi da hammata da cibiya. Na sa shi a gaba ne domin shi ne abin da kunya ke hana sababbin shiga tambaya, kuma ke hana masu koyarwa faɗa, sai mutum ya yi watanni yana salla bai san cewa mafarki yana wajabta wanka ba.

Sai alwala. Kada ka koye ta daga takarda. Ka ɗauki buta ka tsuguna kusa da malamin, ya yi kana kallo, ka yi yana kallo, sau uku ko huɗu sun isa. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce akasarin mutanen ƙasar nan suke kai, farillanta bakwai ne: niyya, wanke fuska, wanke hannaye zuwa gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuɗawa, da jibintawa, wato wanke gaɓoɓin ba tare da dogon jinkiri a tsakaninsu ba. Gaɓoɓin huɗu suna cikin aya ta 6 ta Suratul Ma'ida. Kurkurar baki da shaƙa ruwa da shafar kunnuwa sunna ne, ka yi su, amma ka san matsayinsu, domin ranar da ka manta ɗaya daga cikinsu kada ka ɗauka sallarka ta ɓaci. Wuraren da ruwa ya fi tsallakewa ga mai koyo su ne diddige, gwiwar hannu, da gefen fuska kusa da kunne. Ka kuma san abin da ke karya ta: fitsari, bayan gida, iska, maziyyi wato ruwan da ke fita lokacin sha'awa, barci mai nauyi, gushewar hankali, da shafar gaba da cikin tafin hannu. Tun da sana'arka ta allura ce, ga wadda za ta same ka: idan allura ta soke ka jini ya fito, alwalarka tana nan a wannan mazhaba, ka share jinin ka yi sallarka.

A nan zan ɗan daɗe, domin sallar ce matsalarka. Abin da ke tsorata mai koyo shi ne yawan abin da yake ji ana faɗa, ga tahiya, ga tasbihi, ga surori, ga alƙunutu, sai ya ga kamar sai ya haddace shafi goma kafin sallarsa ta karɓu. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa a cikin duk abin da ake furtawa a salla, uku ne kaɗai farilla: kabbarar harama, wato "Allahu akbar" ta farko, da Fatiha, da sallamar ƙarshe, wato "Assalamu alaikum". Sauran farillan na jiki ne da na zuciya, niyya da tsayuwa da ruku'u da ɗagowa da sujada da natsuwa da bin tsari, kuma waɗannan ka riga ka iya su tun da makonni uku kana bin sahu. Biyu daga cikin ukun nan kana jinsu a bakin mutane tun kana yaro a Kaduna. Ashe tsakaninka da iya salla kai kaɗai akwai ayoyi bakwai ne kawai.

Kafin ka haddace ayoyin, akwai sauƙi guda biyu. Na farko, abin da kake yi yanzu daidai ne: wanda bai iya Fatiha ba sai ya bi liman, liman yana ɗauke masa karatu, shi dai ya yi niyya da kabbarar harama da sallama da kansa. Na biyu, idan lokaci ya kama ka kai kaɗai, kamar Asuba a gida a Kakuri, kada ka bar sallar. Wani mutum ya zo wa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya ce ba ya iya riƙe komai na Alƙur'ani, sai ya koya masa ya ce "Subhanallah, walhamdu lillah, wa la ilaha illallah, wallahu akbar, wa la haula wa la ƙuwwata illa billah", kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Ka fuskanci alƙibla, wadda daga Kaduna gabas ce da ɗan karkatawa arewa, ka yi kabbara, ka faɗi wannan ko abin da ka riƙe na Fatiha, ka yi ruku'u da sujada, ka sallame. Asuba raka'a 2 ce, Azahar 4, La'asar 4, Magariba 3, Isha'i 4, jimilla 17. Wannan rangwame ne na kwanakin koyo, yana ƙarewa ranar da Fatiha ta zauna.

Yadda za ta zauna kuwa shi ne aya ɗaya a rana, daga bakin malam zuwa kunnenka. Ya karanta ka maimaita har sau goma, sannan ka roƙe shi ya ɗaukar maka muryarsa a wayarka, ka riƙa saurare kana kan keken ɗinki. Washegari ka biya masa ta jiya kafin ya ƙara maka sabuwa. A haka kwana bakwai zuwa goma sun isa. Za a ba ka Fatiha rubuce da boko, ba laifi ka riƙe ta don tuni, amma kada ka dogara da ita, domin boko ba ya bambanta wasu baƙaƙen Larabci: harafin farko na "sirat" ba irin "s" ta "nasta'in" ba ne, kuma "h" ta "alhamdu" daga tsakiyar maƙogwaro take fitowa, ba kamar ta "ihdina" ba. Abin da malaminka zai fi sa wa ido shi ne kuskuren da ke canza ma'ana, kamar a ce "an'amtu" maimakon "an'amta", wanda ke mayar da "waɗanda Ka yi wa ni'ima" ya koma "waɗanda na yi wa ni'ima". Nauyin harshe wanda bai taɓa ma'ana ba kuwa, wannan lokaci ne ke gyara shi, kuma da yawa daga waɗanda aka haifa cikin Musulunci suna fama da shi.

Akwai wani abu da zai ba ka mamaki idan ba a gaya maka ba. Za ka ji wani liman ya ce "Maliki yaumid din" da gajeren "ma", wani ya ja shi. Ba wanda ya yi kuskure. Na farko yana karatu ne da ruwayar Warshu, wadda ita ce ta makarantun allo, na biyu da ruwayar Hafsu, wadda Islamiyyoyi da bugun Madina da aka fi rabawa suke kai. Ka tsaya kan wadda malaminka yake yi, idan kuma an ba ka zaɓi ka ɗauki Hafsu, don kawai littattafan koyo da karatun da za ka samu a waya sun fi yawa a kanta. Haka nan za ka ga wani ya ɗora hannu a ƙirji, wani ya sake, abin da ake kira ƙabalu da sadalu. Babu malamin kirki da ya ce sallar ɗayansu ta ɓaci saboda wannan. Duk wanda ya tare ka a ƙofar masallaci yana son ya sa ka zaɓi ɓangare a kan wannan, ko a kan Izala da ɗariƙa, ka ce masa kana kan Fatiha tukuna, ka wuce.

Bayan Fatiha sai Ƙulhuwallahu, ayoyi huɗu, sannan tahiya, sannan Falaƙi da Nasi da Inna a'aɗaina da Wal'asri, tare da tasbihin ruku'u da sujada. Idan ka riƙe zaman minti ashirin ɗin nan, cikin kwana arba'in za ka iya tsayawa kai kaɗai ka yi salloli biyar cikakku. Alamar cewa ka isa wurin ita ce ka yi Magariba a bayyane malaminka yana zaune yana saurare, ya tashi bai gyara maka komai ba.

Na koyi wannan tsari ne bayan na yi kuskure. Shekarun baya an haɗa ni da wani matashi da ya musulunta, ni kuma saboda ɗoki sai na buɗe masa babin tsarki gaba ɗaya a mako na biyu, da rabe-raben ruwa da najasa da hukuncin shakka. Bayan wata ɗaya na daina ganinsa a sahu. Da na bi sawunsa sai na tarar yana shafe kusan minti goma sha biyar a gindin famfo, yana wanke ƙafa yana sakewa, har a sallame bai gama ba, kunya kuma ta sa ya daina zuwa. Laifina ne, na ba shi bayanin abin da ke ɓata ibada kafin ibadar ta zauna a jikinsa. Sai da muka koma buta ɗaya, wanki ɗaya ga kowace gaɓa, da sharaɗin ba zai waiwaya ba, sannan ya dawo daidai. Idan ka ga alwalarka ta fara wuce minti uku ko huɗu, ko kana yanke salla kana sake kabbara, ka gaya wa malaminka da wuri. Wannan waswasi ne, maganinsa kuma rage bayani ne da ƙin biye masa.

Wanda ya ce ka fara da tauhidi bai yi kuskure ba, sai dai tauhidin da kake buƙata yanzu ba na littattafan raddi ba ne. Hadisin Jibrilu ya ishe ka a wannan mataki, shi ne na biyu a cikin Arba'una Hadis na Imam Nawawi: rukunan Musulunci biyar, rukunan imani shida, da ma'anar kyautatawa. Ka sa malaminka ya yi maka bayaninsa a zama biyu ko uku, cikin waɗannan kwanaki arba'in. Saboda inda ka fito, ka ƙara da abu ɗaya, wato matsayin Annabi Isa (amincin Allah ya tabbata a gare shi): bawan Allah ne kuma ManzonSa, an haife shi ba uba, mahaifiyarsa Maryamu tsarkakakkiya ce, kuma imaninka ba ya cika sai da son sa da gaskata shi. A nan ne littafi na farko daga cikin biyun zai shigo. Idan akwai tarjamar Alƙur'ani ta Hausa ta Sheikh Abubakar Mahmud Gumi a cikin kyautar da aka yi maka, wanda ya daɗe yana karantarwa a Masallacin Sultan Bello a nan Kaduna kafin rasuwarsa a 1992, ka buɗe sura ta 19, Suratu Maryam, ka karanta ma'anarta. Ka kuma karanta ma'anar kowace sura da ka haddace. Ban ba ka shawarar ka fara daga Baƙara ka miƙe ba, domin tana cike da hukunce-hukuncen da sai da malami. Nana A'isha ta faɗa, kamar yadda yake a Buhari, cewa abin da ya fara sauka surori ne masu ambaton Aljanna da wuta, sai da mutane suka natsu cikin Musulunci sannan halal da haram suka sauka. Gajerun surorin ƙarshen Mus'hafi su ne rabonka na bana.

Bayan kwana arba'in sai ka buɗe ƙofa biyu a tare. Ta farko baƙaƙen Larabci. Guda 28 ne, a makarantar allo ana kiran wannan mataki babbaƙu da farfaru, a Islamiyya kuma ana bin ƙaramin littafin ƙa'ida. Babban mutum da ya iya karatun boko yakan fara haɗa kalmomi cikin wata biyu zuwa uku idan bai yanke ba. Ajin manya na dare ya fi maka, akwai su a unguwanni irin su Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Sanusi, malaminka zai san na kusa. Ka bambanta wannan da koyon harshen Larabci da nahawunsa, wanda aiki ne na shekaru kuma babu abin da ke jiransa. Ƙofa ta biyu ita ce littafi na biyu, Ahalari, ƙaramin littafin fiƙihun da malaman zaure suke fara ɗora ɗalibi a kai. Jumlarsa ta farko ita ce tsarin da nake ba ka: farkon abin da ya wajaba ga baligi shi ne gyara imaninsa, sannan sanin abin da zai gyara farillansa, kamar hukunce-hukuncen salla da tsarki da azumi. A cikinsa za ka koyi taimama, da ramuwa, da sujadar ƙabli da ba'adi idan ka yi mantuwa. Ka karanta shi a gaban malami yana fassara maka layi-layi. Ishmawi da Iziyya da Risala suna bayansa, bi da bi, ba na wannan shekarar ba ne. Hadda ma haka, sai ka iya duba Mus'hafi da kanka.

Azumi ka koye shi idan watan Sha'aban ya kama, zama biyu sun ishe ka: niyya, kamewa daga fitowar alfijir zuwa faɗuwar rana, abin da ke karya shi, da zakkar fid-da-kai. Zakkar dukiya ba ta hau kanka sai ka mallaki nisabi ya shekara a hannunka, aikin Hajji kuma sai da iko, don haka iliminsu zai jira. Sallolin shekarun da suka wuce da azuminsu babu ramuwa a kanka, domin Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya gaya wa Amru ɗan Asi cewa Musulunci yana rushe abin da ya gabace shi. Canza suna ba wajibi ba ne sai idan sunan yana ɗauke da ma'anar da ta saɓa wa tauhidi. Abin da ba zai jira ba daga hukuncin sana'a shi ne wanda kake taɓawa kullum: alƙawarin ranar karɓar ɗinki, da ƙyallen da ya rage daga yadin mutum, wanda nasa ne har sai ya bar maka.

Saura gida, kuma wannan darasi ne na daren yau, ba ya cikin waɗanda ake jinkirtawa. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) game da mahaifiyarta wadda ba Musulma ba ce, ya ce ta sadar da zumuncinta. Aya ta 15 ta Suratu Luƙman ta ce kada a bi iyaye cikin shirka, amma a zauna da su a duniya da kyautatawa. Saboda haka ka ci tuwon da ta tuƙa da miyar da ta yi, abin da za ka bari shi ne naman alade da giya da burkutu, kuma ka gaya mata wannan da ladabi sau ɗaya, ba tare da ka mai da shi wa'azi ba. Kuɗin cefanen da kake ba ta kada ya ragu, gaisuwar safe kada ta canza. Idan ta yi maka tambayar da ba ka san amsarta ba, ka ce mata, "Mama, ban kai nan ba tukuna, zan tambayo." Ka nemi wuri mai tsabta a ɗakinka ka shimfiɗa darduma, ka ajiye butarka cike da ruwa tun dare, don tashin Asuba kada ya zama kana buruntu a tsakar gida kana tada ta daga barci.